Siffa da mausufi a Larabci: tambayoyin da ɗalibai ke ta maimaita min, musamman kan "kutubun jadiidatun"

Duk zangon da muka iso babin na'atu a aji sai tambayoyin nan sun dawo, kusan da kalmomi iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Misalan Larabcin da boko na rubuta su don wasalin ƙarshe ya fito fili, inda wasali ke da ja na ninka harafin. Lambar ayoyi kuma ta bugun Hafsu ce, mai riƙe da Warshu zai iya ganin ta goce da aya ɗaya ko biyu, kar ya ce na yi kuskure.

1. Wai mene ne ma ake nufi da siffa tana bin mausufi?

Siffa ita ce na'atu, abin da aka siffanta kuma shi ne mausufi ko man'utu. A Larabci sunan ne ke fara zuwa sannan siffar ta biyo shi a baya, kitaabun jadiidun, wato sabon littafi, mu kuma a Hausa yawanci siffar muke gabatarwa mu ce sabon littafi, farar riga. Bin da ake magana ba na wurin zama kaɗai ba ne, siffar tana kwaikwayon sunan ne a abubuwa huɗu: wasalin ƙarshe (rufu'a, fataha ko kisra), ma'arifa ne ko nakira, namiji ne ko mace, sannan tilo ne ko biyu ko jam'i. Idan ka ƙirga zaɓin da ke cikin kowanne, uku da biyu da biyu da uku, goma kenan, shi ne abin da malamai ke cewa siffa tana bin mausufi a huɗu daga cikin goma.

Wanda ya yi Ajuruma zai tuna a matanin abu biyar kawai aka lissafa, rufu'a da nasabu da jarri da ma'arifa da nakira, ba a ambaci jinsi da adadi ba. Ba mantuwa aka yi ba, akwai wata irin siffa da ba ta bin sunan da ke gabanta a jinsi da adadi, na yi bayaninta a tambaya ta 12.

2. Mene ne bambancin al-kitaabul jadiidu da al-kitaabu jadiidun? Ni dai duk ɗaya nake jin su.

Ba ɗaya ba ne, kuma kunnenka na Hausa ma ya san bambancin. Al-kitaabul jadiidu shi ne "sabon littafin", magana ba ta cika ba, mai sauraro yana jira ka ce ya ɓace ko an sace. Al-kitaabu jadiidun kuwa "littafin sabo ne", jumla ta cika, muptada da habar. Alif da lam ɗin nan da ke kan kalma ta biyu ita ce ke raba gardama: in duka biyun suna da ita, ko duka ba su da ita, siffa ce, in na farko ne kawai ke da ita to habar ce.

Inda ake yawan zamewa shi ne sunan da ya zama ma'arifa ba da alif da lam ba. Kitaabii, littafina, ma'arifa ne saboda an jingina shi ga lamiri, don haka "sabon littafina" dole ka ce kitaabil jadiidu da alif da lam a kan siffar. In ka ce kitaabii jadiidun ka koma cewa littafina sabo ne. Haka sunan yanka, Makkatul mukarramatu.

3. Ina rikicewa da jinsi, wani abu a Hausa namiji ne amma malam ya ce mace ne. Akwai dabara?

Dabara ta farko kowa ya sani, ta marbuɗa, wadda 'yan allo ke ce wa ta kuri, a ƙarshen kalma yawanci alamar mace ce. Matsalar tana cikin kalmomin da mata ne amma ba su ɗauke da alama, kuma a nan Hausarmu wani lokaci tana taimako wani lokaci ita ke kai mu ta baro. Rana da shamsu duk mata ne, wuta da naaru haka, ƙasa da ardu, rijiya da bi'iru, waɗannan ba ka shan wahala. Amma ido namiji ne a wurinmu, ainu kuwa mace, hannu namiji yadu mace, kunne namiji uzunu mace, yaƙi namiji harbu mace. Shi ya sa ake cewa al-yadul yumnaa, ba al-aimanu ba, da al-harbul aalamiyyatus saaniyatu. Ta ɗaya ɓangaren kuma ƙofa da kujera mata ne a Hausa amma baabu da kursiyyu maza ne. Gaɓoɓin jiki da suke bibbiyu yawancinsu mata ne a Larabci, wannan kam riƙe shi, sauran sai hadda.

Akwai kuma masu ta marbuɗa amma maza ne, khaliifatun aadilun, allaamatun kabiirun. Sannan wasu siffofin ba sa karɓar ta ko da mace ake nufi, imra'atun haamilun, mai ciki, tunda ba za a rikita ta da namiji ba, da imra'atun sabuurun, da imra'atun jariihun.

4. To me ya sa kutubun jadiidatun? Littafi namiji, littattafai da yawa, amma siffar ta mace ɗaya?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Ƙa'idar a taƙaice: Larabci ya raba jam'i gida biyu, na masu hankali (aaƙil) da na marasa hankali (gairu aaƙil). Jam'in masu hankali siffarsa jam'i ce, mu'allimuuna maahiruuna, mu'allimaatun maahiraatun. Jam'in marasa hankali kuwa, dabbobi ne ko kayayyaki ko ma'anoni, ana yi masa mu'amalar mace guda, ba ruwanka da ko tilonsa namiji ne ko mace. Baitun kabiirun ya zama buyuutun kabiiratun, ƙalamun jadiidun ya zama aƙlaamun jadiidatun, kalbun sagiirun ya zama kilaabun sagiiratun.

Ka buɗe Suratul Gashiya, aya ta 13 zuwa ta 16, za ka ga huɗu a jere kamar don darasin nan aka jera su: sururun marfuu'atun, akwaabun mauduu'atun, namaariƙu masfuufatun, zaraabiyyu mabsuusatun. Gadaje, kofuna, matasai, shimfiɗu, kowanne jam'i, kowanne siffarsa da ta marbuɗa ta mace tilo. Tun muna yara muke tilawarsu ba mu lura ba. Haka al-asmaa'ul husnaa, ismu namiji ne, asmaa'u jam'i, husnaa kuwa ita ce macen ahsanu, tilo.

Abin da ke sa ya yi mana nauyi shi ne Hausa ba ta yin wannan rabon. Mu jam'i jam'i ne, manyan mutane, manyan gidaje, manyan karnuka, duk "su" ne. Shi ya sa a takardun jarabawa nake yawan cin karo da kutubun jadiiduuna da al-kilaabu naa'imuuna, yaro ya fassara Hausarsa ne tsaf, kuma abin dariyar ya ba littattafan da karnukan wawu da nunun da Larabci ya keɓe wa maza masu hankali.

5. Na ji ƙa'idar, amma DALILIN nake tambaya. Me ya haɗa jam'i da mace?

Amsar malaman nahawu ita ce ta'awili da jama'a. Wato in Balarabe ya ce kutubun jadiidatun, a ransa ba littattafai ɗai-ɗai yake kallo ba, tarin yake kallo a dunƙule, kuma kalmar jamaa'atun mace ce tilo, sai siffar ta bi wannan ma'anar. Akwai ma wani baiti da ake jingina wa Zamakhshari da ya ƙare da "kullu jam'in mu'annasu", kowane jam'i mace ne, yana yi wa abokan gabarsa shaguɓe ne da ƙa'idar nahawu.

Kuma wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu in ka lura. Muna cewa jama'a ta taru, muna kuma cewa jama'a sun taru, duka Hausa ce. In ka ce "ta taru" dunƙulen kake gani, in ka ce "sun taru" mutanen kake gani ɗaya-ɗaya. Duniya ta sani, rundunar ta iso, gwamnati ta ce. To abin da muke yi da 'yan kalmomin nan shi Larabci ya shimfiɗa a kan duk jam'in abin da ba mutum ba. Mutane kowa da sunansa da halinsa, ana ganin ɗaiɗaikunsu, shi ya sa suka riƙe jam'i. Tsakuwa da awaki da ranaku kuwa tari ne.

Masu nazarin tarihin harsuna suna ƙara wani abu da ya dace da wannan. Yawancin jam'in Larabci jam'u taksir ne, wanda ake karya ginin kalmar a sake shi, kitaabun kutubun, kuma ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne waɗannan awon asalinsu sunayen tari ne, kalmomin tilo masu nufin gungu, daga baya suka zama jam'i. Ka duba awo kamar asaatizatun da asdiƙaa'u da marda, ƙarshensu irin na mace tilo ne sak. Wannan bayani ne na yadda abin ya samo asali, ba wai Larabawa sun zauna sun yanke hukunci ba. Kuma don Allah a daina cewa wai an haɗa mata da marasa hankali ne don raini, na sha jin wannan a bakin samari, ai jam'in mata yana karɓar jam'insa cikakke, nisaa'un saalihaatun, tare da maza suke a ɓangaren masu hankali.

6. Su waye masu hankalin? Jariri fa, ko mahaukaci? Akuya kuma ai tana da wayo.

Jinsi ake dubawa ba wayon mutum ɗaya ba. 'Yan Adam duka aaƙil ne, jarirai da mahaukata ma, adfaalun sigaarun. Mala'iku da aljanu su ma suna ciki, malaa'ikatun gilaazun shidaadun a Suratut Tahrim aya ta 6, da al-malaa'ikatul muƙarrabuuna a Nisa'i 172. Dabba kuwa komai wayonta gairu aaƙil ce.

Wurin da ya fi kama mutane shi ne kalmomin da mutane ne a cikinsu amma su kansu ba mutane ba ne, ƙasashe, kamfanoni, gwamnatoci, makarantu. Waɗannan duk mace tilo suke ɗauka, ad-duwalul arabiyyatu, ash-sharikaatul kubraa, kuma sunan Majalisar Ɗinkin Duniya ma al-umamul muttahidatu ne, na Amurka al-wilaayaatul muttahidatu. Har shu'uubu da ƙabaa'ilu, ash-shu'uubul islaamiyyatu ake cewa. Amma ƙaumu da naasu yawanci jam'in maza suke ja, al-ƙaumuz zaalimuuna.

7. Siffa kaɗai abin ya shafa, ko har da sauran jumla?

Har da sauran, kuma wanda ya gyara siffa ya bar sauran rabin aiki ya yi. Ishara: haazihil kutubu, tilkal ayyaamu, ba haa'ulaa'i ba. Lamiri: hiya, da haa, ƙara'atuhaa. Mausuli: allatii. Habar: al-kutubu jadiidatun. Fi'ili: al-kutubu wasalat. Ka haɗa su a jumla guda ka ji: haazihi hiyal kutubul jadiidatul latish taraituhaa. A Hausa "waɗannan su ne sababbin littattafan da na saya", jam'i daga farko har ƙarshe, a Larabci kuwa "ita" ce daga farko har ƙarshe. In za ka fassara zuwa Hausa kar ka kwaso "ita" ɗin, na taɓa jin ɗalibi yana fassara "littattafan nan na karanta ta", ajin ya fashe da dariya.

8. In littafi biyu ne fa? Kitaabaani jadiidatun?

A'a, nan kam ƙa'idar ba ta shiga. Musanna yana karɓar cikakkiyar dacewa ko mai hankali ne ko a'a, kuma jinsin tilon yana nan daram: kitaabaani jadiidaani, sayyaarataani jadiidataani, a nasabu da jarri kitaabaini jadiidaini. Ishara ma haazaanil kitaabaani. Daga uku abin ke farawa.

9. To ya na ga ayyaaman ma'aduudaatin a Alƙur'ani? Ba ga jam'i nan ba a kan ranaku?

Madalla, wannan tambayar ta mai lura ce. Ƙa'idar tambaya ta 4 ita ce mafi rinjaye, ba ita kaɗai ce ta halatta ba. Jam'in marasa hankali yana iya karɓar siffa iri uku: mace tilo, ko jam'in mata mai alif da ta, ko jam'u taksir na siffar. Wanda ba ya karɓa shi ne mai wawu da nun. Kuma misalin da ka kawo shi ne mafi daɗi domin magana ɗaya ce ta zo sau biyu, a Baƙara 80 ayyaaman ma'aduudatan, a Ali Imrana 24 ayyaaman ma'aduudaatin. Kalma ɗaya, siffa ɗaya, sau ɗaya tilo sau ɗaya jam'i. Irinsu suna da yawa, aayaatun bayyinaatun, ƙuduurin raasiyaatin a Saba'i 13, al-ash-hurul hurumu a Tauba 5, sai shanun mafarkin sarki a Suratu Yusuf 43, sab'a baƙaraatin simaanin.

Malaman nahawu suna da wani ma'auni a nan, wai in adadin kaɗan ne, uku zuwa goma, jam'i ya fi fasaha, in da yawa ne mace tilo ta fi. Misalinsu sananne shi ne al-ajzaa'un kasarna ga kututture kaɗan, al-juzuu'un kasarat ga masu yawa. Aya ta 36 a Tauba tana tafiya a kan haka gwanin sha'awa, da aka ambaci wata goma sha biyu sai aka ce minhaa, da aka dawo kan huɗun masu alfarma sai aka ce fiihinna. Kuma in ka koma tambaya ta 5 za ka ga hankalin ɗaya ne, abu kaɗan kana iya ganin ɗaiɗaikunsa, mai yawa sai ya zama tari.

Amma ni ban yarda a mai da shi doka mai ƙarfe ba. Daraahima ma'aduudatin a Yusuf 20 ƙarancin kuɗin ake nunawa, ga shi kuma siffar tilo ce. Ranakun azumi wata guda ne cur, sun wuce goma, amma ayyaaman ma'aduudaatin aka ce a Baƙara 184. Saboda haka rinjaye ne, kuma duk wanda ya ce maka kowane wuri yana da sirrin adadi tabbatacce, ka tambaye shi waɗannan biyun. A tsoffin waƙoƙin Larabawa jam'in ya fi yawan fitowa fiye da yadda yake a rubutun yau, a hankali mace tilo ta mamaye fagen.

10. Akasin haka fa, ana ba masu hankali mace tilo, ko a ba marasa hankali wawu da nun?

Duka biyun sun zo. Jam'u taksir na mutane yana iya karɓar mace tilo in taron ake nufi, azwaajun muɗahharatun a Baƙara 25, tilkar rusulu a Baƙara 253, ƙaalatil a'araabu a Hujurati 14. Wannan shi ne ta'awilin jama'a ɗin nan dai. Na biyun kuma yana faruwa in aka jingina wa abin aikin masu hankali, kamar taurari goma sha ɗaya da rana da wata a mafarkin Annabi Yusuf, ra'aituhum lii saajidiina, tunda sujada aikin mai hankali ce sai aka yi musu lafazin masu hankali.

Shawarata ga mai rubuta insha'i ko jarabawa: waɗannan ka san su don fahimtar nassi, amma kai ka tsaya kan hanya mai faɗi. Mutane jam'i, kaya mace tilo. Ɗullaabun mujtahiduuna, rijaalun kiraamun. Kuma ka kula da jam'in mutane masu ƙarewa da ta marbuɗa, asaatizatun da talaamizatun, tar nan tana yaudarar ido, asaatizatun kiraamun ake cewa.

11. Shajar da baƙar da nakhl jam'i ne? Na ga an ce shajarun kasiirun. Sannan launuka fa?

Waɗannan ba jam'u taksir ba ne, sunan jinsi ne, wanda ake fitar da guda ɗaya daga cikinsa da ta marbuɗa, shajarun shajaratun, tamrun tamratun. Lafazinsu tilo ne, yawanci namiji, shi ya sa shajarun kasiirun daidai ne. Jam'in gaske shi ne ashjaarun, shi kam kasiiratun. Amma su ma suna da sassauci, dabino ya zo nakhlin munƙa'irin a Ƙamar 20 ya kuma zo nakhlin khaawiyatin a Haƙƙa 7, girgije ya zo as-sahaabil musakhkhari a Baƙara 164 ya zo as-sahaabas siƙaala a Ra'adu 12.

Launi kuwa, tsohon salo jam'i ya fi so, sunbulaatin khudrin, siyaaban khudran a Kahfi 31. Rubutun zamani kuma ya fi sakewa da mace tilo, sayyaaraatun hamraa'u, al-kutubus safraa'u. Duk wanda ka ɗauka ba ka yi lahani ba, sai dai wasu malaman masu tsanani sun fi son humrun da sufrun, ka san halin mai duba takardarka. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ahmaratun, macen ahmaru hamraa'u ce, kuma ba ta ɗaukar tanwini.

12. Ina siffa ke zama in akwai jingina? Kuma wace siffa ce kuka ce ba ta bin jinsi?

Ba a shiga tsakanin mulafi da mulafun ilaihi, don haka siffa sai ta jira su gama ta zo a baya, ko ta wanene a cikinsu. Sai wasali da jinsi su nuna maka mai ita. Baabul baitil kabiiru, da rufu'a, ƙofar ce babba. Baabul baitil kabiiri, da kisra, gidan ne babba. A rubutun da ba wasali waɗannan biyun kamarsu ɗaya, sai ma'ana ta raba. Suratur Rahman ta kawo duka biyun, a aya ta 27 wajhu rabbika zul jalaali, siffar ta bi wajhu, a aya ta 78 ismu rabbika zil jalaali, ta bi rabbi. In jinsin ya bambanta abin ya yi sauƙi, kutubul mu'allimil jadiidatu littattafan ne sababbi, kutubul mu'allimil jadiidi malamin ne sabo.

Ɗayar kuma ita ce na'atu sababi, siffar da a zahiri tana bayanin abin da ke bayanta ne. Misalinta al-ƙaryatiz zaalimi ahluhaa a Nisa'i 75, alƙaryar da mutanenta suke azzalumai. Zaalimi ta bi ƙarya a kisra da alif da lam, amma a jinsi ta bi ahlu, shi ya sa ba a ce zaalimati ba, kuma tilo take zama. Ita ce dalilin lissafin biyar ɗin nan na tambaya ta 1.

13. In da ƙirga a ciki, kamar littattafai uku sababbi?

Salaasatu kutubin jadiidatin. A nan abu biyu ne ke gudana kuma kowanne da inda yake kallo. Siffar tana kallon jam'in, kutub, sai ta zama mace tilo. Adadin kuwa daga uku zuwa goma yana komawa ya duba tilon, kitaab namiji ne, sai ya saɓa masa ya ɗauki ta marbuɗa. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ce ai kutub ta zama mace yanzu, sai ya rubuta salaasu kutubin. A'a, mu'amalar mace ɗin ba ta goge asalin jinsin kalmar ba. Haka salaasatum tihaanaatin sa'abatin, duk da alif da ta ɗin nan imtihaan namiji ne.

14. A yi mana jumla ɗaya daga farko har ƙarshe mu ga yadda ake bi.

To ga ta: "Sababbin malaman makarantar sun sayi tsofaffin littattafai masu tsada, suka zuba su a manyan akwatuna." Kafin ka taɓa kowace siffa ka ware sunayen, kowanne ka tambaye shi mutum ne ko kaya. Malamai mutane ne, littattafai da akwatuna kaya.

Fara da malaman. Mu'allimuuna an jingina shi ga al-madrasati, nun ta faɗi, ya zama mu'allimul madrasati. Siffar "sababbi" ta malaman ce, amma ba za ta ratsa tsakani ba (tambaya ta 12), sai ta koma baya. Malaman fa'ili ne, rufu'a, ma'arifa ne saboda jingina, maza ne, jam'in masu hankali, don haka al-jududu. In ka yi saurin rubuta al-jadiidati ka mai da makarantar sabuwa, malaman kuma ba ka ce komai a kansu ba, kuma wannan kuskuren ba ya ihu domin jumlar tana nan daidai a nahawu, ma'anar ce kawai ta sauya. Fi'ilin kuma tunda ya gabaci fa'ili tilo yake zama, ishtaraa. Littattafan maf'uli ne, nakira, kutuban, siffofinsu biyu duk mace tilo da fataha biyu, ƙadiimatan gaaliyatan. "Suka zuba su" yana da "su" biyu a Hausa amma a Larabci daban-daban ne, na malaman wawun jam'i, na littattafan haa, wada'uuhaa.

Saura akwatunan, kuma nan ne tarkon ƙarshe. Sanaadiiƙu mamnu'i ne minas sarfi, ba ya karɓar tanwini, a wurin kisra kuma fataha yake ɗauka, fii sanaadiiƙa. Ɗalibi in ya ga fatahar sai hannunsa ya rubuta kabiiratan. Amma siffa matsayin li'irabi take bi, ba sautin da kunne ya ji ba, matsayin kuwa jarri ne, kuma kabiira ba abin da ya hana ta kisra. Sai jumlar ta fito haka: ishtaraa mu'allimul madrasatil jududu kutuban ƙadiimatan gaaliyatan, wa wada'uuhaa fii sanaadiiƙa kabiiratin. Irin wannan saɓanin wasalin za ka sake gamuwa da shi a jam'in mata mai alif da ta, wanda nasabunsa da kisra ne, ra'aitu sayyaaraatin jadiidatan, sunan da kisra biyu siffar da fataha biyu, kuma duka mansubai ne. In za ka gwada kanka, sauya "littattafai" da "littafi biyu" a jumlar can, ka ga kalma nawa ne za su motsa, ya kamata ka samu huɗu: kitaabaini ƙadiimaini gaaliyaini, da wada'uuhumaa.